Ranar da Ake Ƙirga Shago: Gwanintar Masu Lissafin Zakka

Raba kuɗi gida arba'in a cire kashi ɗaya aiki ne da ɗan firamare zai iya. Abin da ke sa manyan 'yan kasuwa a Kantin Kwari da Singa da Dawanau su aika a kira musu wani malami ko tsohon akawu idan shekara ta zagayo, shi ne sanin adadin da za a raba ɗin. Dukiyar ɗan kasuwa ba a wuri ɗaya take zaune ba. Wata tana cikin durowa, wata tana banki, wata a jibge take a sito, wata tana hannun mutane a Damagaram da Maiduguri, wata kuma tana hannunsa amma ba tasa ba ce. Gwanin lissafin zakka shi ne wanda zai bi kowace naira ya tambaye ta inda ta fito, sannan ya san ko za ta shiga lissafi ko za ta tsaya a waje. Ina ganin girman masu wannan aiki ƙwarai, domin sun haɗa abubuwa biyu da ba kasafai ake samunsu wurin mutum ɗaya ba: sun karanta babin zakka a Risala da Askari da Muhtasar, kuma sun san kasuwa kamar yadda 'yan cikinta suka san ta.

Tambayar farko da irin wannan malami yake yi ba ta kuɗi ba ce. Rana yake tambaya. "Alhaji, bara yaushe ka fitar?" Shekarar zakka ta watannin Musulunci ce, kwana 354 ko makamancin haka, wato ta gaza shekarar Bature da kimanin kwana 11. Wanda ya ɗaure zakkarsa da ƙarshen Disamba saboda lokacin ne yake rufe littafi, kowace shekara yana jinkirta haƙƙin talakawa da kwana goma sha ɗaya, kuma cikin shekara 33 zai tsallake zakkar shekara guda cur ba tare da ya sani ba. Shi ya sa malaman zamani suka ce kamfanin da ba shi da makawa sai ya bi kalandar Bature, to ya fitar da kashi 2.577 cikin ɗari maimakon 2.5, don ya cike giɓin. Yawancin mutanenmu suna tsayar da Muharram ko Ramadan, kuma babu laifi, muddin watan ya dace da cikar shekarar jarinsu. A mazhabar Malikiyya an yi rangwamen gaggauta zakka da kamar wata guda, amma ba a yi rangwamen riƙe ta watanni don a jira falalar azumi ba.

Bayan rana sai nisabi. Nisabin zinariya dinari 20 ne, wanda aka ƙiyasta da giram 85. Na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595. Kuɗin takarda ana auna su da ɗayan biyun, kuma a arewacin Nijeriya an fi bin na zinariya, ko da yake akwai malaman da suka fi son na azurfa don ya fi ƙanƙanta, ya fi amfanar mabuƙata. Hukumomi irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano suna sanar da adadin a naira, amma gwani yakan ƙara da tambayar 'yan gwal farashin giram a ranar, domin sanarwar watanni uku da suka wuce ta riga ta tsufa.

Bari mu ƙaddara wani ɗan kasuwar atamfa da shadda da leshi mai shago a Kwari, mu bi lissafinsa daga farko har ƙarshe. Don sauƙin lissafi mu ce giram ɗin tsantsar zinariya a ranar naira 150,000 ne. Nisabi ya zama naira 12,750,000.

Tsabar kuɗi ake fara tarawa. A durowa akwai 850,000, a banki 7,400,000, a asusun na'urar cirar kuɗi ta shago 750,000. Jimilla miliyan 9. Mai gaggawa zai rubuta haka ya wuce. Malam kuwa sai ya ɗaga kai ya ce, "Duk naka ne, Alhaji? Babu ajiyar kowa a ciki?" Sai Alhaji ya tuna cewa wani abokin cinikinsa ya ba shi ajiyar miliyan 1 kafin ya tafi Umara. Wannan ba ta shiga, zakkarta tana wuyan mai ita. Saura miliyan 8. Akwai kuma dala 2,000 da ya saya don odar kaya. Ana tambayar 'yan canji na Wapa farashin ranar, mu ce 1,500, ta zama miliyan 3. Tsabar kuɗinsa miliyan 11 ke nan. A nan ne wasu suke ruɗar kansu, su ce kuɗin hannunsu bai kai nisabi ba, saboda haka bana babu zakka. Kuɗi da zinariya da azurfa da kayan sayarwa duk tukunya ɗaya suke shiga, sai an haɗa su sannan a gwada da nisabi.

Ba a tambayar wace naira ce ta shekara a hannunsa, wace ce ta shigo jiya. Ribar kasuwanci tana bin shekarar uwar kuɗi. Abin da ke buɗe sabuwar shekara tasa shi ne dukiyar da ta zo ta wata hanya dabam, kamar gado ko kyauta. Da a ce cikin kuɗin bankin nan akwai rabon gadon da Alhaji ya karɓa wata biyu da suka wuce, da malam ya ware shi ya rubuta masa ranarsa dabam.

Sai kaya. Kafin a taɓa turmi ko ɗaya, malam yana tantance irin kasuwancin da mutum yake yi, domin Malikiyya sun raba 'yan kasuwa biyu. Akwai mudiri, mai jujjuya kaya, wanda yake saye yana sayarwa kullum a farashin da kasuwa ta ba shi, kamar mai shago. Akwai muhtakiri, wanda yake sayen kaya ya ajiye yana jiran tashin farashi, kamar mai sayen masara da kaka ya kulle a sito sai bazara, ko mai sayen fili ya bar shi shekaru. Mudiri yana yi wa kayansa kuɗi kowace shekara ya fitar da zakka. Muhtakiri ba ya fitarwa sai ranar da ya sayar, kuma ta shekara ɗaya zai bayar ko da kayan sun shekara biyar a ajiye. Sauran mazhabobi ba su yi wannan rabon ba, a wurinsu kowane ɗan kasuwa yana ƙimanta kayansa duk shekara. Alhajinmu mudiri ne, don haka sai yaran shago su sauko da kaya a fara ƙirga.

A wane farashi? Nan ne gardama takan tashi, domin zuciyar ɗan kasuwa tana karkata ga rasit ɗin saye. Ƙa'ida ita ce farashin ranar zakka. Alhaji yana da atamfa turmi 1,200 da ya saro a 9,000 kowanne, amma yau yana sayar da su a 12,000. Za a rubuta 14,400,000, ba 10,800,000 ba. Duk wanda ya yi kasuwanci tsakanin 2023 da 2024, lokacin da dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500, ya san yadda kayan da ke kan kanta suka ninka kuɗi ba tare da sun motsa ba. Wanda ya yi zakkar wancan lokaci da tsohon rasit ya tauye ta da yawa. Shadda yadi 4,000 a 2,500 ta ba da miliyan 10. Mai sayar da sari yana ƙimantawa da farashin sari, mai sayar da ɗai-ɗai da nasa farashin, kowa da abin da zai samu in da gaske ya sayar a ranar.

Ƙa'idar tana yanka ta ɗaya gefen ma, kuma wannan yana burge ni da adalcinta. A can ƙuryar shago akwai leshi 200 da yayinsu ya wuce. An saro su a 18,000, yau babu mai ba da fiye da 8,000. Alhaji yana so a manta da su gaba ɗaya. "Malam, wannan ai kwantai ne, shekara biyu ko tayawa ba a yi." Malam ba zai yarda a zubar da su daga lissafi ba, domin kwantai bai fitar da kaya daga zama na sayarwa ba. Amma kuma ba zai rubuta su a kuɗin saye ba. Zai kira wani maƙwabcin shago da ya san leshi ya ce, "In an ce ka kwashe yau, nawa za ka biya?" Abin da ya faɗa shi ake rubutawa: 1,600,000. Kaya gaba ɗaya sun kama miliyan 26.

Kantocin katako, janareta, fanka, na'urar ƙirga kuɗi, motar dakon kaya, har shagon kansa, babu wanda ake yi wa kuɗi. Da su ake yin sana'a, ba su ake sayarwa ba.

Akwai wata dila a bakin ƙofa da malam ya ce a ajiye ta gefe. Atamfa ce turmi 300 da Alhaji ya karɓo bashi daga wani dila mako uku da suka wuce, a kan miliyan 4, bai biya ko kwabo ba. Malaman Malikiyya na baya sun yi bayanin cewa mudiri yana ƙimanta kayan da ya biya kuɗinsu, ko waɗanda suka shekara a hannunsa. Wanda bai biya ba kuma bai shekara ba, ba a ƙirga shi, kuma ba a cire bashinsa daga sauran dukiya. Kayan da bashinsu suna fita tare. Wasu masu lissafin sukan shigar da duka biyun, su ƙirga kayan su cire bashin, sakamakon ya fito kusan ɗaya. Ɓarnar tana faruwa ne idan aka ɗauki rabi aka bar rabi: a ƙi ƙirga dilar saboda "ba a biya ba", sannan a zo wajen basussuka a cire miliyan 4 ɗin. An ci riba sau biyu ke nan a kan talaka, kuma sau da yawa ba da gangan ba ne, mutum biyu ne suka yi lissafin, ɗaya a sito ɗaya a ofis. Gwani yana gane wannan ta hanyar ɗora kowane bashi a kan kayan da aka ci shi dominsu, ya tambaya ko kayan suna nan ko an sayar.

Zinariya ba ta da tsawon bayani, amma tana da tarko biyu. Na farko niyya. Sarƙa da 'yan kunne da awarwaron da Hajiya take ado da su nata ne, ba sa shiga lissafin mijinta ko kaɗan, kuma a Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya babu zakka a kan kayan adon da mace take sawa. Hanafiyya sun wajabta, kuma akwai malamanmu na yau da suka zaɓi wannan ra'ayi. Amma gwal ɗin da aka saya don ajiyar kuɗi, saboda tsoron faɗuwar naira, wannan dukiya ce kamar kuɗin banki, ko da an ƙera shi sarƙa. Alhaji yana da irin wannan, giram 40. Tarko na biyu shi ne tsafta. Gwal ɗin da ke yawo a kasuwanninmu yawanci karat 21 ne ko 22 ko 18, tsantsa kuwa 24. Nasa 21 ne, don haka ana ninka 40 da 21 a raba da 24, a sami giram 35 na tsantsar zinariya. A farashin ranar ya kama 5,250,000. Kuɗin ƙira da ya biya lokacin saye ba ya cikin lissafi, nauyi ake bi. Giram 35 bai kai 85 ba, amma tun da akwai sauran dukiya, haɗa shi ake yi.

Yanzu aka zo inda ake gane gwani, wato littafin bashi. Kasuwar Kwari da bashi take tafiya. Mai sari daga ƙauye ko daga ƙetaren iyaka yakan ɗauki kaya ya biya rabi, in ya dawo ya cika ya ƙara ɗauka. Littafin Alhaji ya nuna yana bin mutane miliyan 5 na kuɗin kaya. Malam ba ya karɓar jimillar. Suna bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, tambayarsa guda ce: "Wannan kana sa ran zai biya?" Wanda yake zuwa duk wata yana ragewa, ana rubuta shi. Wanda gobara ta cinye rumfarsa, ko wanda ya kashe waya shekara biyu ba a san inda yake ba, ko wanda ya musanta bashin kuma babu shaida, ana ware shi. Da suka gama, bashin da ake sa rai ya kama 3,750,000, ya shiga lissafi kamar kuɗin hannu. Sauran 1,250,000 ya koma wani shafi. Idan Allah ya sa wani daga ciki ya dawo, ranar da ya shigo hannu za a fitar masa da zakkar shekara ɗaya.

Wannan tantancewa tana buƙatar mutumin da ya san halin 'yan kasuwa. Wani Alhajin, saboda haushin wanda ya daɗe bai biya ba, zai ce duk sun mutu. Wani kuma saboda kunya ba zai yarda ya ce ɗan'uwansa ya karye ba. Malam yakan tambayi ranar biyan ƙarshe da adadin da aka kawo, domin littafi ya fi zuciya faɗin gaskiya a wannan wuri.

Akwai kuma miliyan 2 da Alhaji ya ranta wa ƙaninsa ya yi ginin gida. Rance dabam yake da bashin ciniki. A Malikiyya ba a zakkarsa yana hannun wanda aka ranta wa, sai an karɓo, a ba da ta shekara ɗaya, in dai ba mai kuɗin ne ya ƙi karɓa da gangan don gudun zakka ba. Shafi'iyya suna ganin bashin da ke kan mai hali, wanda za a iya karɓa kowane lokaci, ana zakkarsa duk shekara. Malamin kirki yakan faɗa wa mutum wannan saɓani, sannan ya tsaya a kan mazhaba ɗaya daga farkon lissafi zuwa ƙarshensa. Abin da ba ya yarda da shi shi ne tsince-tsince, a ɗauko sauƙin wannan mazhaba a nan, a ɗauko na waccan a can, har zakkar ta narke.

Kafin a cire komai, ga abin da aka tara: tsabar kuɗi miliyan 11, kaya miliyan 26, zinariya 5,250,000, bashin da ake sa rai 3,750,000. Jimilla miliyan 46.

Saura bashin da ake bin Alhaji. Akwai miliyan 6 na wani kaya da ya karɓa tuntuni, ya sayar, kuɗin suka shige cikin jari. Kowa zai ce a cire shida daga arba'in da shida a huta. Malam sai ya yi wata tambaya da ba a zata ba: "Ban da gidan da kake ciki, kana da wata kadara?" Dalilinsa yana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, inda aka bayyana cewa bashi yana rage zakkar kuɗi ne idan mutum ba shi da wata dukiyar da ba a yi wa zakka wadda za ta iya biyan bashin. Idan yana da ita, sai a jingina bashin a kanta, kuɗin kuma a zakkace su. Masu sharhi sun ƙara sharaɗi cewa kadarar ta shekara a hannunsa, kuma ta zama irin wadda alƙali zai iya sayarwa in mutum ya karye. Tufafin jikinsa da abin da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi ba sa ciki. Hikimar a fili take. Mutumin da yake da filaye da gidajen haya bai kamata ya ɓuya a bayan bashin kasuwa ya ce shi ma ana binsa ba.

Alhaji yana da fuloti da ya saya shekara uku da suka wuce da niyyar gina wa 'ya'yansa, darajarsa yau miliyan 4. Fulotin kansa babu zakka a kansa, tun da ba na sayarwa ba ne. Amma ya ɗauke miliyan 4 daga cikin bashin, saura miliyan 2 kaɗai za a cire. Dukiyar zakka ta zama miliyan 44. Da an cire bashin duka, kamar yadda wasu malaman suke yi, da ta zama miliyan 40, kuma bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu naira 100,000 ne a hannun mabuƙata. Kuɗin hayar shago na baɗi da kuɗin makarantar zango mai zuwa ba bashi ba ne tukuna, ba a cire su. Albashin yaran shago na watan da ya wuce wanda ba a biya ba, wannan bashi ne.

Miliyan 44 ta haura nisabi nesa ba kusa ba, kuma zakka tana kan dukkan adadin, ba kan abin da ya ɗoru bisa nisabi kaɗai ba. Kowace miliyan tana da naira 25,000. Arba'in da huɗu sau 25,000 ya ba da 1,100,000. Malam yakan sake gwadawa ta hanyar raba 44,000,000 da 40, in amsoshin biyu sun haɗu sai ya ja layi.

Ko bayan an sami adadin, akwai ƙofofi biyu da yake rufewa kafin ya tashi, domin ya san shawarar da takan zo wa mai shago a daidai wannan lokaci. Ta farko ita ce a biya da leshin nan na ƙurya, a lissafa shi a kuɗin saye, a rabu da kwantai a kuma sauke farali. Zakkar kayan kasuwanci a kan ƙimarsu take, da kuɗi ake fitar da ita, kuma ko a wurin malaman da suka yarda a ba da kaya, sharaɗin shi ne ya zama abin da talakan yake buƙata, a farashinsa na gaskiya. Ta biyu ita ce a ce wa wanda gobara ta cinye rumfarsa, "Na yafe maka bashin, ka ɗauka zakka ce." Malikiyya da mafi yawan malamai ba su ɗauki wannan a matsayin zakka ba, domin kuɗin da aka riga aka fidda rai da su ba a mayar da su abin sauke wajibi. Idan Alhaji yana son taimakonsa, mutumin yana cikin mutane takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, a matsayin wanda bashi ya yi wa katutu. Sai ya damƙa masa kuɗi a hannu ba tare da sharaɗin ya dawo da su ba. In ya ga dama ya biya bashin da su, in ya ga dama ya sayi abinci.

A takardar da malam yake bar wa Alhaji akwai ranar wata da shekarar Hijira, da farashin giram da na dala da aka yi aiki da su, da adadin da aka fitar. A ƙasa kuma akwai jerin abubuwan da aka jingine: bashin 1,250,000 da sunayen masu shi, rancen ƙaninsa na miliyan 2, da dilar atamfar da ba a biya ba, kowanne da bayanin abin da za a yi ranar da ya shigo hannu ko ya cika shekara.